Abin da muke roƙa a akwatin imel ɗin mutane, da abin da ba mu roƙa

Ƙaramin kamfaninmu a Kano yana rubuta wa makarantu masu zaman kansu manhajar karɓar kuɗin makaranta, wadda take aika wa iyaye rasit ta Gmail ɗin makarantar, sannan ta ajiye kwafinsa a Google Drive. Tambayar da masu makarantu suka fi yi mini kafin a yi ciniki ita ce ko za mu riƙa ganin wasiƙunsu, kuma amsar da nake ba su ita ce ko mun so ba za mu iya ba, domin tun farko ba mu roƙi wannan izinin ba.

Ba ma karɓar kalmar sirrin kowa. Muna aiki ne da OAuth 2.0, ƙa'idar da aka wallafa a shekarar 2012 a takardar RFC 6749. Manhajarmu tana tura mai asusun zuwa shafin Google, ya shiga da kansa, ya karanta abin da muke nema, idan ya amince sai Google ya ba manhajar tokin, wato wani dogon rubutu da take nunawa duk lokacin da za ta yi aiki da sunansa, wanda kuma yakan mutu bayan kusan awa ɗaya. Kowane tokin yana ɗauke da iyakar abin da aka yarda a yi da shi, kuma wannan iyakar ita ake rubutawa a gurbin `scope` na buƙatar da manhajar take aika wa Google. Kamar takardar da maigida yake ba yaron shago ce ya je sito ya karɓo katan biyar na sabulu: mai tsaron sito zai ba shi sabulun, ba zai miƙa masa makulli ba.

Izini biyu kawai muke nema, ana raba su da sarari a cikin buƙatar:

```
https://www.googleapis.com/auth/gmail.send
https://www.googleapis.com/auth/drive.file
```

Na farko yana ba da damar aika wasiƙa, amma ba ya ba da damar karanta ko da layi ɗaya na abin da yake cikin akwatin. Na biyu yana buɗe wa manhajar fayilolin da ita kanta ta ƙirƙira, da waɗanda mai asusun ya zaɓa ya buɗe da ita, sauran takardun makarantar kuwa, daga albashin malamai zuwa sakamakon jarrabawa, tamkar babu su ne a wurinta. Wanda ya koya mini wannan sana'a, wani dattijo da na zauna a ƙarƙashinsa ina yaro ɗanye, ba ya barin a rubuta komai sai an jera a takarda kowane aiki da manhajar za ta yi, sannan a nemo wa kowane aiki izini mafi ƙanƙanta da zai ishe shi. A lokacin ina ganin ɓata lokaci ne, amma har yau da wannan takardar muke fara kowane aiki.

Masu kwaikwayon aikinmu, waɗanda suke karya farashi zuwa rabi, ba su da wannan haƙurin. Sukan nemi `https://mail.google.com/`, wanda yake ba da damar karantawa da aikawa da goge wasiƙu har abada, su haɗa da cikakken `drive`, domin da waɗannan komai yana tafiya tun gwajin farko ba tare da an yi tunani ba. Araha ba ta ado. Google yana lissafa waɗannan biyun cikin izini masu tsananin takura, kuma manhajar da take ajiye irin waɗannan bayanai a sabarta sai an yi mata binciken tsaro da ake sabuntawa kowace shekara. Wadda ba a tantance ba kuwa tana nuna wa mutane shafin gargaɗi, kuma ba ta wuce masu amfani 100. Idan mai sayar maka da manhaja ya ce ka danna ka wuce gargaɗin ba komai ba ne, to ka san wannan matakin ya tsallake.

Ƙunƙuntaccen izini yana da nasa wahalar, kuma a nan ne ƙwarewa take bayyana. Wata makaranta ta kira mu cewa rasit yana isa ga iyaye amma babu kwafi ko ɗaya a Drive. Da muka duba rajistar manhajar sai muka tarar kowane yunƙurin ajiya yana dawowa da lamba 403, tare da wannan saƙon:

```
Request had insufficient authentication scopes.
```

Bambancin lambobin yana da amfani. Lamba 401 tana nufin tokin ɗin ya mutu ko ba shi da inganci, kuma sabunta shi yakan warware matsalar. Wannan 403 ɗin kuwa yana nufin tokin ɗin lafiyarsa ƙalau, sai dai ba a ba shi wannan aikin ba, don haka ko sau nawa aka sabunta shi ba zai canza ba, domin ƙa'idar ta hana sabuntawa ta ƙara izinin da mai asusun bai bayar ba tun asali. Abin da ya faru shi ne an naɗa sabon akanta, ya sake haɗa asusun, kuma a shafin amincewa, inda Google yake sanya wa kowane izini akwatinsa, ya yi wa na Gmail alama ya bar na Drive. Ƙa'idar ta yarda a ba manhaja ƙasa da abin da ta roƙa, da sharaɗin a faɗa mata a gurbin `scope` na amsar, kuma a can muka ga `gmail.send` shi kaɗai. Sai muka mayar da akantan shafin amincewa da buƙatar `drive.file` tare da `include_granted_scopes=true`, domin sabon tokin ya haɗa tsohon izinin da sabon, ajiya kuma ta ci gaba nan take.

Wannan makarantar ce kuma ta so manhajar ta karanta wani tsohon jadawalin sunayen ɗalibai da yake Drive ɗinsu. Da `drive.file`, neman fayil ɗin da ba a buɗe wa manhajar ba yana dawowa da 404, kamar bai wanzu ba, kuma a daidai nan ne masu gaggawa suke komawa ga cikakken `drive`. Mu kuwa mun sanya Google Picker, tagar da akantan yake zaɓar fayil ɗin da hannunsa, izinin ya hau kan wannan fayil ɗin kaɗai. Aikin ya fi tsawo, kuma mai makarantar ya daɗe yana taya farashin yana cewa wani ya yi masa tayin rabinsa, har sai da na nuna masa shafin amincewa na manhajarmu da na mai rabin farashin ya karanta da kansa.

Ina gaya wa kowane mai saye inda kariyar ta tsaya. Izinin `gmail.send` bai ƙayyade wanda za a aika wa ko abin da za a rubuta ba, saboda haka duk wanda ya sace tokin ɗin zai iya aika wa kowa wasiƙa da sunan makarantar, ciki har da wasiƙar ƙarya mai ɗauke da wata lambar asusun banki. Shi ya sa muke ɓoye tokin ɗin sabuntawa, wanda da shi ake karɓo sabon tokin idan na hannu ya mutu, a rufe a sabarmu, ba ma barin sa a wayar kowa. Haka kuma izini ba ya ba manhaja abin da shi mai asusun ba shi da shi: idan akanta yana da damar karanta wani fayil ne kawai, manhajar ba za ta iya gyara shi da tokin ɗinsa ba. Ranar miƙa aiki nakan zauna da mai makarantar mu buɗe sashen tsaro na asusunsa na Google, inda aka jera manhajojin waje da abin da aka ba kowace, in nuna masa tamu da maɓallin cire ta, kuma sau da yawa a nan ne yake ganin wata tsohuwar manhaja da ya daina amfani da ita tun tuni tana riƙe da cikakken izinin akwatinsa.