Gwaiduwa, Farin Ƙwai Ko Duka: Wanne Za A Shafa Wa Burodi?

Na kwaɓa fulawa guda ɗaya, na raba ta ƙananan curi, na jera a tire uku, na gasa duka a zafin digiri 190 na tsawon minti 18. Abin da na shafa a sama ne kawai ya bambanta.

Tiren farko ya sha gwaiduwa ɗaya da na sirka da cokalin shayi biyu na madara. Shi ya fi ɗaukar ido: ja mai duhu, yana ƙyalli kamar an shafa masa fenti. Maiƙon gwaiduwa da furotin ɗinta ne ke kawo haka. Sai dai tana da yaudara. Tun kafin cikin ya nuna, saman ya riga ya yi ja, wanda ke auna nuna da ido kuwa sai ya sauke ɗanye. Idan abin da nake gasawa zai wuce minti 25 a wuta, ko kwaɓin mai sukari ne sosai, nakan rage zafi zuwa 175, ko in yafa takardar foyil a kai da zarar launin ya kama.

Farin ƙwai da cokalin shayi ɗaya na ruwa ya ba da sheƙi garai-garai, amma launin bai tashi ba, tunda babu maiƙo a cikinsa. Amfaninsa shi ne riƙe riɗi, ko sukarin da aka barbaɗa.

Ƙwai duka da babban cokali ɗaya na ruwa ya tsaya tsakiya, ruwan zinare da matsakaicin sheƙi, kuma da wuya ya ƙone. Shi nake ɗauka idan babu wani dalili na musamman.

Haɗin kansa yana son kula. Nakan zuba ɗan gishiri kaɗan, in kaɗa da cokali mai yatsu, in bar shi minti 10. Gishirin yana tsinka yauƙin farin, buroshi ya riƙa tafiya sumul. Daga nan sai in tace da rariya, domin duk zaren da ya rage zai bar zane-zane a jikin burodi.

Shafin kuwa siriri ake yi, da buroshi mai laushi da hannu mara nauyi, don kwaɓin da ya gama tashi yana saurin sacewa. In ƙwan ya yi yawa, sai ya gangara ƙasa ya taru, ya ƙone, ya manne da tire. A kwaɓin bota mai hawa-hawa, kada ya taɓa gefen da aka yanka da wuƙa, domin zai liƙe hawan, wannan gefen ya ƙi tashi, abin da aka gasa ya fito a karkace. Mai son ƙarin sheƙi ya shafa sau biyu: na farko ya ɗan sha iska minti 10, na biyu dab da shiga wuta.