Yadda Nake Raba Tukwici da Kuɗin Hidima a Gidan Abincina

Ina da ƙaramin gidan abinci, ma'aikata tara nake riƙe da su: huɗu masu kai abinci tebur, uku masu girki, biyu masu wanke-wanke da goge-goge. Albashi bai cika kawo rigima a tsakaninsu ba, domin kowa ya san nasa tun ranar da aka ɗauke shi. Abin da ke haɗa su faɗa shi ne kuɗin da baƙo ya ƙara a kan kuɗin abinci, ko tukwici ne da ya bayar don jin daɗinsa, ko kuɗin hidima da muke rubutawa a risit, kashi 10 cikin ɗari, idan an yi taro ko an kama tebur na mutane da yawa.

Matsalar a fili take. Baƙo mutum ɗaya yake gani, wanda ya ajiye masa faranti, shi kuma yake miƙa wa kuɗin. Bai ga wanda ya wuni a gaban wuta ba, bai ga wadda ta wanke kofin da ya sha ruwa da shi ba. Alhali da abincin ya zo da sanyi, ko ya tarar da maiƙo a jikin cokali, ko sisi ba zai ƙara ba. Shi ya sa a wurina duk abin da ya shigo ta wannan hanya na mutum taran ne. Ni ba ni da kaso, haka manaja idan ba ya ɗaukar faranti.

Wannan ba son raina ba ne kawai. A Ingila da Sikotland da Wales, dokar rabon tukwici ta 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2024, ta tilasta wa mai wuri ya miƙa wa ma'aikata tukwici da kuɗin hidima gaba ɗaya, ba a cire komai sai haraji, kuma a biya kafin ƙarshen watan da ke bin wanda kuɗin ya shigo. Ta ce a rubuta ƙa'idar rabon, a ajiye lissafi na shekara uku. A Amurka ma tun 2018 an hana mai wuri da manajoji su riƙe tukwicin ma'aikata. Ko a inda babu irin wannan doka, ƙa'idar ta isa koyi.

To amma cewa "a raba" abu ne mai sauƙi, yadda za a raba ɗin ne aiki. Raba daidai wa daida yana cutar wanda ya yi mako cur yana aiki, tunda zai tashi da kaso ɗaya da wanda ya zo kwana uku. Abin da na zauna a kai shi ne maki da awa. Kowane aiki yana da makinsa a duk awa guda: mai kai abinci 5, mai girki 4, mai wanke-wanke 3. A ƙarshen mako a ninka awannin mutum da makinsa, a haɗa na kowa, a raba kuɗin da aka tara da jimillar makin. Abin da ya fito shi ne darajar maki ɗaya.

Ga misali. A ce an tara 168,000 a mako, ko da wane irin kuɗi ake lissafi. Uku daga masu kai abinci sun yi awa 48 kowanne, wato maki 240 ke nan kowa, na huɗun ya yi awa 24, makinsa 120. Masu girki awa 50 kowanne, maki 200. Masu wanke-wanke awa 40 kowacce, maki 120. Idan aka haɗa duka, maki 1,680 ne, saboda haka maki ɗaya ya kama 100. Mai kai abincin da ya cika makonsa zai karɓi 24,000, wanda ya yi rabi 12,000, kowane mai girki 20,000, kowace mai wanke-wanke 12,000. Ba sai mutum ya iya boko sosai ba, da wayarsa zai buga ya ga ko an rage masa.

Ana tambayata dalilin da ya sa mai kai abinci ya fi maki. Shi ke shan zafin baƙo idan abu ya ɓaci, kuma fara'arsa tana ƙara abin da ake bayarwa, sannan albashin mai girki dama ya ɗara nasa. Amma na sa wa kaina iyaka: mafi yawan maki kada ya kai ninki biyu na mafi ƙanƙanta. Da zarar tazarar ta wuce haka, na kicin sai su ɗauka cewa saura ake ba su, kuma za ka gane a aiki: oda tana daɗewa kafin ta fito, ba mai damuwa ya leƙo ya ce abu kaza ya ƙare.

Inda aka fi cutar masu wanke-wanke ba a makin ba ne, a awa ne. Mai kai abinci yana tafiya da baƙo na ƙarshe ya fita. Ita kuwa a lokacin manyan tukwane ke jiranta, ga murhu da za a kankare, ga dabe da za a wanke. Idan littafin awa yana rufewa ne lokacin da aka rufe ƙofa, aikin awa ɗaya ko fiye ya tafi a banza kowane dare. Ɗaya daga cikinsu ta taɓa ce mini, "Maigida, littafin nan yana tashi kafin mu tashi." Saboda haka littafin a kicin yake kwana, kowa da hannunsa yake rubuta lokacin shiga da na fita, wanda ya kulle wuri ya sa hannu a ƙasa. Haka mai girkin da ya yi sammako yana yanka da jajjage tun ba a buɗe ba, awanninsa suna ciki.

Mako-mako nake rabawa, ba kullum ba. Da kullum ne, kowa zai yi ta rububin daren ƙarshen mako da ake cika, ranakun da kasuwa ke sanyi a rasa mai zuwa, kuma wanda ke tsara jadawalin aiki ya zama shi ke da ikon arzurta wanda ya ga dama.

Kuɗin da ya shigo ta kati ko taransfa ba ya ɓuya, yana cikin lissafin kashiya. Tsabar kuɗi ce mai wuya. Akwai akwati mai makulli kusa da kashiya, ana buɗe shi ne a gaban mutum biyu, ɗaya daga masu tebur, ɗaya daga kicin, a ƙirga a rubuta. Ba na caje aljihun kowa, wulaƙanci ne. Abin da nake dubawa shi ne tukwicin kowane mai kai abinci idan aka gwada da cinikin teburansa. In na kati yana nan yadda ya saba, amma na tsaba ya yi ta raguwa mako bayan mako alhali ciniki bai ragu ba, sai in kira shi gefe mu yi magana. Sau da yawa abin da ke fitowa shi ne bai yarda da rabon ba, yana zaton ana ci a sama. Maganin wannan shi ne takardar lissafi da nake mannawa a bangon kicin duk ranar biya, da jimillar kuɗi, da awannin kowa, da darajar maki.

Ba na taɓa wannan kuɗi don biyan farantin da ya fashe, ko baƙon da ya sulale bai biya ba, ko ɗan abin da banki ke cira a kan kati. Waɗannan asarar sana'a ce, ni ke ɗauka. Ba na kuma rage albashin sabon ma'aikaci da hujjar cewa ai zai samu tukwici. Shi ma wanda ke koyon aiki ana sa shi a lissafi tun makonsa na farko, da makin aikin da aka ɗauke shi a kai. Idan za a sauya maki kuwa, sai an zauna da su duka tara, kuma sabon tsarin yana farawa ne daga mako mai zuwa, ba a kan kuɗin da aka riga aka tara ba.