Kafin ka sayar da zinariya ka sayi azurfa, ka yi rabawa ɗaya

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sakko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure a Tudun Wada, da wani ƙullin hankici a aljihu. Ya kwance, sai ga ɗan kunne da sarƙa na mahaifiyarsa. Wai ta yarda ya kai Kasuwar Sabon Gari ya sayar, ya zuba kuɗin a azurfa, don ya gani a waya azurfa tana gudu. Na ce masa, "Yau giram nawa na azurfa ke sayen giram ɗaya na zinariya?" Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai kowa ya san azurfa ta fi araha." Gabana ya faɗi, domin maganar da na yi ke nan da bakina a 2011.

Abin da na tambaye shi ba wani boyayyen ilimi ba ne. Ka ɗauki farashin oza ɗaya na zinariya a kasuwar duniya, ka raba da farashin oza ɗaya na azurfa. Oza a nan giram 31.1 ce, kuma duka biyun da dala ake faɗinsu. In zinariya tana dala 1,500, azurfa tana 50, amsar 30 ke nan: giram 30 na azurfa ne daidai da giram ɗaya na zinariya. Wannan adadin shi ne ma'aunin da 'yan kasuwa ke kallo. In ya hau, azurfa ta yi araha a gaban zinariya. In ya sauka, azurfa ta yi tsada, ko da kuɗinta a ido bai kai ya kawo ba. Da yawansu in ya haura 80 sai su karkata wajen azurfa, in ya sauko ƙasa da 50 sai su koma zinariya.

Ni ban san wannan ba a watan Afrilun 2011. Ina da giram 100 na zinariya mai karat 21, gadon mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, awarwaro huɗu da sarƙa. A lokacin azurfa ta ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda, ta kusa taɓa dala 50, zinariya kuwa tana wajen 1,500. Ma'aunin ya sauko wajen 32, inda ya yi kusan shekaru talatin bai je ba. Wanda ya iya karatunsa a ranar azurfa yake sayarwa. Ni kuwa ranar na shiga saye.

Har yau ina ganin ɗan sikelin mai shagon, da yadda ya goga awarwaron a baƙin dutse ya ɗiga masa ruwan gwaji. Karat 21 ba zalla ba ce, don haka giram 100 ɗina giram 87.5 ne na zinariya tsantsa. A takarda, in ka ninka da 32, ya kamata in tashi da giram 2,800 na azurfa tsantsa. Amma mai sayen zinariya ya zabge nasa, mai sayar da azurfa ya ɗora nasa har da kuɗin ƙira. Na koma gida da giram 2,500 na azurfa mai tambarin 925, wanda tsantsarsa wajen giram 2,300 ne. Tun kafin in hau mashin na riga na yi asarar giram 500.

Ba wai na yi wauta tsagwaronta ba ce. Ina da hujja. Na tashi ina jin malamai a cikin birni suna karanta nisabin zakka: dinari 20 ko dirhami 200, wanda a awon yau ake ƙiyasta shi giram 85 na zinariya ko 595 na azurfa. Ɗaya da bakwai ke nan. Na ji kuma Amurka a 1792 ta kafa dokar 15 da ɗaya, kuma a Janairun 1980 ma'aunin ya sauko wajen 17. Sai na ce ashe azurfa gida za ta koma. Abin da ban lura da shi ba, a da azurfa kuɗi ce, hukuma ke tsayar da darajarta. Yanzu fiye da rabin buƙatarta na masana'antu ne, irin su farantin sola da kayan lantarki. In tattalin arziki ya girgiza, masana'antu su rage saye, azurfa ta zube, yayin da mutane da manyan bankunan ƙasashe ke rugawa wajen zinariya. Amma gaskiya ko da an gaya mini a lokacin ba zan ji ba. Kwaɗayi ne, na yi masa rawani da nisabi.

Cikin 'yan kwanaki a watan Mayu azurfa ta faɗo ƙasa da dala 40. A 2016 ma'aunin ya kai 80. Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne naira. Da ta karye a shekarar, sai kuɗin azurfata a naira ya ɗan farfaɗo, na riƙa ce wa maiɗakina ai muna dawowa. Alhali zinariyar da na rabu da ita ta fi haka tashi nesa ba kusa ba. Amfanin ma'aunin ke nan gare mu: naira ba ta cikinsa, ba ya barin ka yaudari kanka da yawan sifili.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. A Maris 2020 ma'aunin ya haura 120, abin da ba a taɓa gani ba. Aka saka dokar kulle a jihar Kaduna, shagona a rufe, gida babu hatsi, azumi na ƙaratowa. Na sayar da azurfar duka yana wajen 110, wato darajar giram 21 na zinariya, ni da na fara da 87.5. A watan Agusta ya sauko wajen 70, da na jure da giram 33 ne. Ina cewa yunwa ce ta sa, kuma haka ne, iyali sai sun ci. Amma ina da babur da zan iya sayarwa. Tsoro ne ya zaɓa mini azurfar.

Na so in tsara wa yaron nan nasiha mai tsawo, amma idonsa na kan waya, sai raina ya ɓaci. Ku yaran yanzu kuna riƙe da farashin duniya a tafin hannu, abin da mu sai mun je shagon intanet a Samaru muke gani, amma rabawa ɗaya ta gagare ku. Don haka a taƙaice: kada ka sayi azurfa don tana gudu, ka yi rabawar tukuna. In adadin ƙarami ne, ka makara.

In babba ne fa? Nan ma kada ka yi rawar jiki. A 1991 ya kai wajen 100, kuma yana iya zama a sama shekara da shekaru yana cin haƙurinka. Bai kuma ce za ka ci riba ba, dukansu biyu suna iya faɗuwa tare. Kai, in don ta ni ne, kada ma ka taɓa azurfa a garin nan, domin zinariya ko yau ka kai ta za a saya, azurfa kuwa sai ka bi maƙeran farfaru kana roƙo. To amma da a ce wani ya saya a Maris 2020, da ya gode Allah, wannan ba zan musa ba. In dai sai ka yi, to da kuɗin da ba na cefane ba, ka tambayi mai shago nawa zai saya in ka dawo masa da ita gobe, ka yi rabawar da farashinsa, ba na waya ba. Kuma musayar zinariya da azurfa hannu da hannu ake yi a majalisi ɗaya, ban da bashi.

Na karɓi hankicin na ɗaure shi da kaina, na ce ya mayar wa uwarsa, ya dawo gobe bayan La'asar da farashin biyu a rubuce. Ya ce, "To, Kawu," amma na ga ya nufi titin Sabon Gari, sai na ɗauki waya na kira ƙanwata.