Abin da hoton kifi ke faɗa, da abin da yake ɓoyewa

Sana'ata girkin biki da suna, kuma daga Samaru ba kullum nake samun sukunin zuwa kasuwar Sabon Gari da sassafe ba. Yawanci mai kifina ne ke turo hoto ta WhatsApp, in duba, in ce a kawo ko a bari. A nan na koyi cewa hoton kifi a jere cikin baho, yana ta ƙyalli, bai gaya mini komai ba. Ruwa kawai za a yayyafa wa kifin jiya ya yi wannan ƙyallin.

Abin da nake nema hoton kai ne, daga kusa, an ɗaga marfin da ke gefen kan da yatsa, a ga jajayen tsokokin nan masu kama da haƙoran mataji, waɗanda kifi ke numfashi da su. Jini ne cike a wurin, shi ya sa yake riga sauran jiki nuna lalacewa. A sabuwar karfasa ja ne jawur, kowane sili a ware. In ta jima, jan yakan dushe ya koma ruwan ƙasa, daga baya ruwan toka, silin su manne da juna cikin yauƙi mai kauri. Sai ido. Na sabo a kumbure yake, garau, baƙinsa baƙi wuluk, na tsoho kuwa ya faɗa ciki ya yi hazo. Amma ban cika dogara da ido shi kaɗai ba, domin kifin da ya kwanta a ruwan ƙanƙara idonsa kan yi fari alhali lafiyarsa lau. Tarwaɗa ma idonta ƙanƙane ne, ba ta da ɓawo, ita kam bidiyo nake so in ga tana motsi.

Matsalar ita ce launi, kuma launi ne abin da waya ta fi yin ƙarya a kai. Rumfa mai jan tamfol ko ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa kan mai da ruwan ƙasa ya zama ja. Filasha kuma takan sa farin ɗigo a ido ta rufe hazon. Don haka nakan ce a fito da kifin inuwa a waje, a kashe filasha, a ajiye farar takarda a gefensa da kwanan watan ranar a rubuce. In takardar ta fito fara, na yarda da jan. In ta fito da ja-ja, hasken ne ya rina komai. Kwanan watan kuma yana hana a turo mini hoton makon jiya.

Wata safiya a bazara, ina da walima, aka turo hoton karfasa a ƙarƙashin rumfa, ja kamar yanzu aka fito da ita daga kogin Galma. Na ce, "Baba, don Allah a fito da ɗaya waje, kuma a zaro ta daga ƙasan baho." Ya ce, "Hajiya, ai duk kamun yau ne." Wataƙila ma gaskiyarsa, sai dai a zafin watan Afrilu kifin da ba ƙanƙara yana iya juyawa tsakanin safiya da la'asar. A hoto na biyu takarda ta fito fara, wurin numfashin kuwa ja ne a tsakiya, bakin-bakinsa ya fara ruwan ƙasa, ido ya ɗan kwanta. Na roƙi gajeren bidiyo: ya danna tsokar baya da babban yatsa ya ɗaga. Gurbin ya cike, amma a hankali. Cikin bai kumbura ba, bai fashe ba. Hukuncina shi ne kifin na ciyuwa in za a soya nan take, amma ba zai jira girkin yamma ba. Na ɗauki kaɗan na abincin rana bisa sharaɗin a zuba masa ƙanƙara a hanya, na walima kuma na sa aka kawo tarwaɗa mai rai.

Sharaɗina da kowane mai kifi ɗaya ne: hoto na sa in ce a kawo, kuɗi kuwa sai na sansana wurin numfashin da cikin. Ƙarni na ruwa daban, tsami ko ɗoyi daban, kuma babu wayar da ke ɗauko wannan.

Kifin ƙanƙara irin su taitus ya fi wuyar sha'ani. In ya narke ya jima a zafi aka sake daskarar da shi, yana iya tara wata guba, histamin, wadda ba a gani, wani lokaci ko wari babu, kuma suya ba ta kashe ta. Tana kawo ƙaiƙayi, kurji da ciwon kai jim kaɗan bayan ci. A irinsa, kwalin nake cewa a ɗauka mini. In na ga jirwayen ruwa a takardar kwalin, ko jini ya gangara ya daskare a ƙasa, ko kifayen sun lanƙwashe sun curu da dunƙulen ƙanƙara, na san ya taɓa narkewa, sai in ce a buɗe wani kwalin.