Janareta biyu na saya kafin na koyi lissafin da ya kamata in fara yi

Ƙannena masu shirin tarewa a gidansu, ina so in ba ku labarin kuɗin da na ɓatar a kan janareta, don kada ku bi ta inda na bi. Sau biyu na saya, sau biyu na yi kuskure, kuma duka biyun saboda na tafi kasuwa ba tare da takarda a hannu ba.

Na farko an rubuta masa 2.5 kVA da manyan baƙaƙe a jikin tanki. Na yi lissafi a kaina: ƙwayayen fitila takwas masu wat 10 sun ba da 80, fanka uku masu wat 70 sun ba da 210, talabijin da dikoda 100, firji 150, cajin wayoyi da kwamfuta 60. Duka wat 600 ke nan. Na ɗora injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, mai ƙarfin doki ɗaya, wanda yake cin kusan wat 1,000 idan yana aiki. Jimla 1,600. Na ɗauka 2.5 kVA wat 2,500 ke nan, na ce ai zai ɗauka har da saura.

Abu biyu ne ban sani ba. Na ɗaya, lambar da ke jikin tanki ta talla ce. Gaskiyar tana kan wani ɗan allo da ake liƙawa a gefen inji, inda ake rubuta `Rated Output` da `Max Output`. Na farkon shi ne abin da injin zai ɗauka ya wuni yana aiki, na biyun kuwa na ɗan lokaci ne kawai. Da na duba nawa daga baya, wat 2,000 ne na aiki, 2,200 na ƙololuwa. Kuma wannan ƙarfin a yanayi mai sauƙi ake auna shi. A zafin bazara na Kano, ko a wuri mai tudu kamar Jos, iskar da inji ke shaƙa ba ta da kauri sosai, don haka ƙarfinsa yakan ɗan ragu.

Na biyun shi ne ya fi yi mini ɓarna. Duk abin da yake da mota mai juyawa ko kwampireso a cikinsa, wato firji, firiza, injin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, yana bukatar wuta mai yawa a daƙiƙar da zai tashi. Kamar mai tura kurar ruwa ne: ƙarfin da yake sa wa kafin tayoyi su motsa ya fi wanda yake sa wa idan ta kama hanya. Injin ruwa yakan fizgi ninki uku na abin da yake ci, ƙaramin firji ma har ninki biyar yana iya kaiwa. Ke nan injina mai cin 1,000 yana neman wajen 3,000 a lokacin tashi. Idan ka ɗora a kan 600 ɗin da ke kunne, 3,600 ake nema daga janaretan da iyakarsa 2,200.

Alamomin sun bayyana tun ranar farko, ni ne ban san karatunsu ba. Da an kunna injin ruwa sai muryar janareta ta sauya ta koma nishi, fitilu su dushe, fanka ta rage gudu, injin ruwan ya riƙa gurnani bai juya ba. Wani lokaci ya tashi da ƙyar, wani lokaci makunnin kariya ya faɗi. Ni kuwa sai in mayar da shi in sake gwadawa. Kada ku yi haka. Motar da take son juyawa ta kasa, wuta take ci tana mayar da ita zafi. Cikin 'yan watanni na canza AVR, ɗan akwatin da ke daidaita ƙarfin wuta, sannan kwampireson firjinmu ya ƙone. Mai gyara ya ce mini, "Yallaɓai, ƙarancin wuta ya fi yawanta kashe firji a garin nan."

Cikin fushi na sayar da shi na sayo babba mai wat 5,000 na aiki, mai tankin lita 25. Ya ɗauki komai, har dutsen guga. Amma injin ruwa minti talatin yake yi a rana tankin ruwa ya cika. Sauran awa biyar na dare, wannan ƙaton inji wat 600 kawai yake ɗauke da shi, kuma babban inji yana shan mai don ya juya kansa ko da babu kaya a kai. Na auna da jarka: kusan lita 1.3 yake sha a awa, alhali ƙaramin bai wuce 0.7 ba a kan kayan nan dai. Bambancin lita uku ne a dare, lita 90 a wata. A da ina daurewa. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sai na koma kashe shi da ƙarfe tara yara na kukan zafi, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Ka zagaya gidanka da biro, ka karanta wat ɗin da aka rubuta a bayan kowane abu. Idan amfiya aka rubuta, ka ninka da 230, wato volt ɗin wutar gida, ka samu wat. Ka haɗa abubuwan da za su riƙa aiki tare kawai. Sannan ka ɗauki mai mota mafi girma a cikinsu, ka ƙara abin da yake fizga a lokacin tashi, domin da wuya dukansu su tashi a daƙiƙa guda. A gidana, ban da injin ruwa, 600 ne da ƙarin 600 na tashin firji, 1,200 ke nan. Da na bar rarar kashi ɗaya cikin huɗu, 1,500. Wato injin ruwa kaɗai ne ya kai ni ga sayen babba. Yanzu mai wat 2,800 na aiki nake da shi. Da yamma mukan kashe komai, mu ta da injin ruwa shi kaɗai, idan ya daidaita a kunna sauran. Guga da dafa ruwa da wuta kuwa sai NEPA ta kawo, don dutsen guga kaɗai ya haura wat 1,000.

Maganar kamfani, ba zan ce ga wanda ya fi ba. Za ka ga Honda, Elemax, Firman, Lutian da sauransu, kuma duk sunan da ya yi fice akwai masu kwaikwayonsa. Ka fara zuwa wajen makaniken unguwarku ka tambaye shi wane inji ne kayan gyaransa ke samuwa a kusa: kafireto, AVR, burushi. Ka tambayi ko kwayil ɗin na tagulla ne ko na alminiyam. Na tagulla ya fi nauyi kuma ya fi jure zafi, amma akan shafa wa alminiyam launin tagulla, don haka idan inji biyu masu lamba ɗaya sun bambanta sosai a nauyi da farashi, ka yi hattara da mara nauyin.

Kafin ka biya, ka sa a zuba baƙin mai a ta da shi a gabanka. Ni da dutsen guga na tafi, da mitar auna volt a hannun mai wayarin ɗina. Muka jona, muryar injin ta ɗan sauka ta dawo daidai, mita ta tsaya kusa da 230, sannan na ƙirga kuɗi. Da na kai gida kuma na gina masa ɗan keji a waje, nesa da tagar ɗakin kwana, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana ɗauke mutane cikin barci.