Naira 127,500 da suka ɓata a cikin fayil

Wata rana aka ɗora mini fayil ɗin Excel na kuɗin makarantar ɗalibai 48, daga akwatin C2 zuwa C49. Jimlar da ke ƙasa ta nuna naira 1,215,000, amma rasit ɗin da ke hannun akawu sun kai 1,342,500. Giɓin naira 127,500 ke nan, har an soma kallon juna a ofis.

Na fara da fomula, don nan kowa ke fara zargi. Na danna akwatin jimlar, na buga F2, sai Excel ya zagaye akwatunan da yake tarawa da layi mai launi. Zagayen ya tsaya a C46. Ashe an ƙara ɗalibai uku daga baya, fomular ba ta bi su ba. Na mayar da ita `=SUM(C2:C49)`, naira 55,000 suka dawo, jimla ta koma 1,270,000. Har na miƙe zan kai rahoto, akawu ya ce, "Malam, saura 72,500 fa."

A nan na ɓata kusan awa ɗaya ina sake karanta fomular da ba ta da sauran laifi. Abin da ban lura da shi ba shi ne, SUM ba ya ƙorafi idan ya tarar da lambar da aka ajiye a matsayin rubutu. Tsallake ta yake yi shiru. Da ido 15,000 ce, amma a wurinsa kalma ce kamar sunan ɗalibi. Ƙirga ce ta tona asirin:

```
=COUNTA(C2:C49)
=COUNT(C2:C49)
```

Ta farko tana ƙirga duk akwatin da ba fanko ba, ta ba ni 48. Ta biyu lambobi zalla take ƙirgawa, ta ba ni 44. Huɗu rubutu ne ke nan. Na sa `=ISNUMBER(C2)` a gefe na ja ƙasa, FALSE huɗu suka fito.

Uku daga ciki sun jingina hagu, da ɗan koren alama a kusurwa. Na fara canza tsarinsu zuwa Number, ba abin da ya motsa, domin wannan kamannin akwati kawai yake sauyawa. Sai da na zaɓi Convert to Number sannan 50,000 suka shigo.

Ta huɗun, C31, ita ta ba ni wahala. Ba koren alama, TRIM ma, mai share sararin da ya yi yawa a rubutu, bai taɓa ta ba. `=LEN(C31)`, mai ƙirga haruffan da ke cikin akwati, ya ba ni 6, alhali 22500 lambobi biyar ne. Wani ɓoyayyen sarari ne da ke biyo abin da aka kwafo daga shafin intanet, sai da na cire shi da wannan fomula, inda CHAR(160) ke nufin wannan sararin:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(C31,CHAR(160),""))
```

Na manna sakamakon a C31, COUNT ya koma 48, jimla ta tsaya a 1,342,500. Akawu ya tattara rasit ɗinsa ya mayar cikin durowa.