Kuɗin tafiyar ma'aikaci: inda yake komawa albashi

A ƙaramin kamfani irin namu a nan Damagaram, kuɗin tafiya ba ya cikin albashi muddin abin da aiki ya ci ne ake mayar wa ma'aikaci. Da zarar wani abu ya saura a aljihunsa, wannan saurar ta zama riba gare shi, kuma harajin albashi, wato ITS, ya hau kanta.

Mu ɗauka an aiki mai gyaran sola Maraɗi, kwana biyu, wuni uku. Kafin ya tashi a rubuta masa takardar aike: sunansa, garin da za shi, aikin da ya kai shi, ranar tafiya da ta dawowa. Can kuma wanda aka yi wa aikin ya sa hannu ko ya buga hatimi. An ba shi jaka 60. Mota zuwa da dawowa ta ci jaka 10, masauki jaka 20, abinci jaka 12, kabu-kabu cikin gari jaka 3. Jimla jaka 45, saura 15. In ya maido su asusu aka rubuta, magana ta ƙare. Amma in maigida ya ce "riƙe, ka sha wahala", alheri ne, ba laifi, sai dai jaka 15 ɗin nan dole su shiga takardar albashin watan, a cire musu haraji.

Tikitin mota da rasiɗin masauki suna da sauƙin samu. Mai tuwon tasha da ɗan kabu-kabu kuwa ba mai ba ka takarda. Shi ya sa gara a yanke musu ƙa'ida a rubuce, kaza a wuni, daidai da tsadar garin, kowa a biya shi a kan haka. Amma kada a biya sau biyu: in kamfani ya biya otal da kansa, babu sauran kuɗin kwana a hannun ma'aikaci.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne kuɗin tafiya na wata-wata. A sa wa mutum jaka 30 kowane wata, ya fita ko bai fita ba. Mai binciken haraji ba ya shan wuyar gane shi: adadi ɗaya tun daga Janairu har Disamba, har da watan da mutumin yake hutu, ga shi babu takardar aike ko ɗaya. Zai mai da shi albashi, kuma tunda maigida ne doka ta ɗora wa cire harajin tun daga tushe, shi za a bi bashin baya haɗe da tara. Hukumar CNSS, mai kula da fanshon ma'aikata, ita ma tana iya neman nata kason a kan kuɗin.

Ranar da ma'aikaci ya dawo a haɗa takardar aike, tikiti, rasiɗi da lissafin canji a manne su wuri guda. Tikitin da ya kwana sati a aljihun riga yakan tafi wurin wanki.